Ba Bashi, Sai Gobe

A jikin ƙofar shagon da ke kan kwanar layinmu akwai rubutu da jan fenti, wai BA BASHI, SAI GOBE. Shekara takwas ke nan ina wuce shi safe da yamma, fentin har ya taɓa koɗewa. A ƙarƙashin kanta kuwa, tsakanin katan ɗin sabulu da buhun gishiri, akwai wani dogon littafi mai baƙin bango, irin na rajistar makaranta, wanda babu gidan da ba shi da shafi a ciki, har da gidan liman. Rubutun ƙofa don baƙi aka yi shi. Littafin shi ne namu.

Mu dai haka muke a nan unguwar. Tun da Bahaushe ya ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, muka ɗauki maganar ta zama lasisi. Yaro zai zo da roba ya ce, "Wai in ji Umma a ba ta sukari gwangwani biyu da madarar leda uku, a rubuta." Mai shago ba ya tambayar wace Umma, domin ya san robar. Irin wannan ƙaramin bashi ba a ƙara masa ko kwabo. Sukarin naira 500 yana shiga littafi a naira 500. Amma kada ka ce kyauta ka ci. Mai kuɗi hannu shi ake tsumbula wa gwangwani, shi ake wa gyara, shi ne zai ce "rage min hamsin" a rage. Wanda ya zo da "a rubuta" ba shi da bakin tayi. Gwangwaninsa a shafe yake, kuma ba zai ce uffan ba. Ƙarinmu na ƙananan kaya a nan yake ɓoye, kowa ya sani, ba wanda ya taɓa kiransa da suna.

Inda ake buɗe baki a faɗi farashi biyu shi ne babban kaya: buhun shinkafa, jarkar mai, katan ɗin taliya, turmin atamfa. A nan ne za ka ji, "In kuɗi hannu ne kaza, in zuwa ƙarshen wata ne kaza." Kuma a kan wannan ne majalisarmu ta kusa tashi baram-baram a wani dare na azumin 2024, bayan an sauko daga asham.

Ga yadda abin ya faro. A farkon watan Janairu wani maƙwabcinmu, ma'aikaci ne, ba zan faɗi sunansa ba don muna haɗa sahu a masallaci, matarsa ta haihu. Ya je wa mai shago ya ce yana son buhun shinkafa na suna. Mai shago ya saro buhun a kasuwar Singa a kan naira 58,000, yana sayarwa 60,000 lakadan. Ya ce masa in zuwa albashi ne, 65,000. Mutumin ya ce ya saya, mai shago ya ce ya sallama, aka rubuta, yara suka turo buhu a baro. Janairu ya ƙare, shiru. Fabrairu ya ƙare, sai gaisuwa daga nesa. Aka shiga azumi, bawan Allah ya sauya hanya, ya koma zagayawa ta bayan makarantar allo, alhali ta gaban shago ta fi masa kusa da gida.

A daren nan mai shago ya fito da littafin ya dangwarar a kan benci, ya ce shi fa daga yau ya kafa doka: duk wanda ya wuce wa'adi, kowane mako naira 1,000 za ta hau kansa. In kuma ba haka ba, a biya shi da farashin ranar da aka kawo kuɗi.

Kafin a kai ga dokar tasa, wani malamin lissafi da ke cikinmu, wanda kowa ke kira Ticha, ya ce a tsaya tukuna, shi 5,000 ɗin farko ma bai gane mata ba. "Alhaji, buhu ɗaya ne, shinkafa ɗaya ce. Don me na mai kuɗi zai zama 60, na talaka 65? Wanda ba shi da shi ai shi ya kamata a rage wa."

Na daɗe ina jin wannan tambaya a bakin mutane, amma ban taɓa jin an amsa ta filla-filla kamar yadda mai shago ya yi a daren ba. Ya ce, "Ticha, kai da alli kake cin abinci, ni da juyi nake ci. Kuɗin da ke cikin buhun nan, 58,000, duk kwana goma nake komawa Singa da su in ɗauko wani. Kowane zuwa ina samun 2,000. A wata sau uku ke nan, 6,000. In na ba ka buhu ka riƙe min kuɗin wata guda, juyi ɗaya na yi maimakon uku. Ka ga kafin in yi kunnen doki da mai kuɗi hannu sai na sayar maka 64,000. Dubu ɗayan da ke sama kuma ta waɗanda suke tafiya da kuɗina ce gaba ɗaya, wanda ya tashi daga unguwa da dare, da wanda ya rasu magada suka ce ba su san zance ba. Buhu ɗaya in ya nutse, ribar buhu ashirin da tara ta bi shi."

Ticha ya ɗan yi shiru yana motsa baki. Sai ya ce, "To, 5,000 a kan 60,000 kashi ɗaya ne cikin goma sha biyu, a wata ɗaya. In ka jera wata goma sha biyu, kuɗi ya ninka kansa. Bankin da muke zagi ma bai kai ka ba."

"Wa ya ce maka ina ba da bashin shekara? Ka gan ni da kama da gwamnati?"

Aka yi dariya, amma Ticha bai saki ba, kuma a ganina a nan ya taɓo inda ƙaiƙayin yake. Ya ce lissafin juyi uku gaskiya ne idan har kowane buhu yana fita cikin kwana goma. To buhunan da ke jingine a lungun shago tun kafin Mauludi fa? Idan kaya yana zaune ne ba mai saye, wanda ya zo ya ɗauka bashi bai hana ka juyin komai ba, taimakonka ma ya yi, ya raba ka da ƙwari da ɓera. Mai shago ya sosa ƙeya ya ce shinkafa da sukari da man gyaɗa suna gudu, amma gaskiya su man shafawa da kayan gwangwani sukan kwana biyu. Ticha ya ce to ashe ma'aunin adalci ba a bakinka yake ba, a saurin kayanka yake. Abin da ke fita kullum ka ƙara masa daidai juyin da ka rasa. Abin da ke kwance ka ba da shi a farashinsa, ka gode Allah.

Ni dai tun daga ranar, in aka ce min farashin bashi kaza ne, nakan tambayi kaina sau nawa wannan kaya yake juyawa a wata, in kwatanta da abin da aka ɗora. Wani ƙarin lissafi ne. Wani kuma an ga idonka ya yi ja ne kawai.

Duk wannan hayaniya Malam, na'ibin limaminmu, yana gefe yana shan kunun tsamiya a kofin silba, bai tanka ba sai da wani matashi mai tuƙa a-daidaita-sahu ya ce, "Allah gafarta Malam, shi wannan ƙarin ba kuɗin ruwa ba ne da aka sa wa hula?"

Malam ya ajiye kofi ya ce a'a. Ya ce sayar da kaya zuwa wani ajali a kan farashin da ya fi na lakadan halal ne a wurin jumhurun malamai, mazhabobin nan huɗu duk sun tafi a kai. Abin da kake saya shinkafa ce, ba kuɗi ba, kuma mai kaya yana da ikon yanka wa kayansa farashi. Ya ce ko Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1990, ta tabbatar da haka game da cinikin biya kaɗan-kaɗan. Amma da sharaɗi, kuma sharaɗin nan ne muke yawan takewa. Mai kaya yana iya ambaton farashi biyu a lokacin tayi, lakadan kaza, ajali kaza. Sai dai ba za a rabu ba sai an tsaya a kan ɗaya, an san kuɗin, an san ranar. Idan aka ɗauki buhu aka tafi a kan "in ka samu da wuri 60, in ka daɗe 65," ba a san wanne aka ƙulla ba, cinikin ya ɓaci, ya faɗa cikin hanin da aka yi na haɗa ciniki biyu a cikin ɗaya.

Sai kowa ya fara ƙifta ido, domin rabin cinikinmu a kan "kai dai ɗauka, ma yi magana" yake tafiya. Kunya ce ke jawo mana. Muna ganin in ka ce wa maƙwabci "ranar nawa ga wata za ka biya?" kamar ka ce masa ɓarawo ne. Shi ma mai karɓa ya fi son a bar maganar a buɗe, don ranar da aka tambaye shi ya ce ai ba mu sa rana ba. Malam ya tuna mana cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a cikin Baƙara, a kan rubuta bashi da sanya masa wa'adi da kafa shaidu ta sauka. Wani dattijo ɗan fansho da muke kira Baba ya ce, "To mu ai muna rubutawa." Malam ya ce, "Baba, mai shago ne yake rubutawa shi kaɗai, da biron da shi kaɗai ya san inda yake ajiye shi. Kai ka taɓa duba shafinka?" Baba ya ce shi tabaransa ya fashe tun bara.

Daga nan aka dawo kan dokar mai shago ta naira 1,000 duk mako. Malam bai ɓata lokaci ba. Ya ce wannan kam babu hula babu rawani, riba ce tsirararta, irin wadda Larabawan jahiliyya suke yi: wa'adi ya cika, a ce wa mutum ko ka biya ko a ƙara maka. Da zarar an sallama buhu a kan 65,000, shinkafa ta fita daga zance, abin da ya rage kuɗi ne a wuyan mutum, kuma kuɗin da ke wuya ba ya haihuwa. Ko an rubuta tarar tun ranar ciniki, ko mai saye ya yarda ya sa hannu, ba ta halatta ba. Zaman Jidda ɗin nan da ya halatta ƙarin farko, shi ne kuma ya haramta na biyun.

Mai shago ya ce shi wannan bambanci yana ba shi mamaki. Jiran wata ɗaya an yarda ya karɓi 5,000 a kansa, jiran wata biyu na gaba kuma an ce ko sisi. Ba duk jira ba ne?

Malam ya ce na farko farashin kaya ne, an yanka shi sau ɗaya, mai saye ya ji, ya auna, yana da ikon ya ce albarka ya tafi wani shago. Na biyu kuwa yana hawa ne a kan wanda ya riga ya shiga hannu, ya cinye shinkafar, ba shi da hanyar fasawa, kuma ba shi da iyaka: yau 66, wani mako 67, har buhu ɗaya ya ci gida. Na farko yana da rufi, na biyu sama ce a buɗe.

"To a biya ni da farashin yau," in ji mai shago. Kuma a nan na tausaya masa, domin ba haɗama ce ke magana ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023 aka kuma saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, kaya ba su sake zama wuri ɗaya ba. A wancan lokacin hukumar ƙididdiga ta ƙasa da kanta tana cewa hauhawar farashi ta haura 30 cikin 100, mu kuwa da muke zuwa kasuwa mun san na abinci ya fi haka zafi. Buhun da ya saro 58,000 a Janairu, a daren da muke magana 72,000 ake ba shi a Singa. Ko da a ce mutumin ya shigo a lokacin ya zube 65,000 cif, mai shago sai ya ciko 7,000 daga aljihunsa kafin ya mayar da buhun gurbinsa. A littafi ya ci ribar 7,000, a kasuwa ya yi asarar 7,000. Haka jari yake narkewa mutum yana ganin kamar yana ciniki. Shaguna nawa muka gani kanta tana raguwa layi-layi, ana jera kwalayen da ba komai a ciki don kada a gane?

Duk da haka Malam ya ce a'a. Abin da aka ƙulla a kai shi ne bashi, naira 65,000, ko buhu ya koma 100,000 ko ya faɗo 40,000. Ya tambaye shi, "Da farashi ya karye, za ka kira shi ka ce ya kawo 50?" Mai shago ya ce wannan kuma wata magana ce. Malam ya ce ita ce dai. Ya ƙara da cewa da rancen buhu ya ba shi, ba sayarwa ba, to buhu zai karɓa, irinsa da awonsa, komai tsadarsa a ranar. Amma mai rance ba ya cin ribar ko ƙwaya. Ba za ka riƙe ribar mai sayarwa a hannun dama, ka riƙe kariyar mai rance a hagu ba. Ɗaya za ka zaɓa tun ranar da baro ya zo.

Mu kuwa da yake ba a raba mu da dabara, nan take aka fara kawo hanyoyin zagaye. Mai a-daidaita ya ce a sa farashin 70,000 tun farko, a ce in ka biya cikin wata an yafe maka 5,000. Malam ya ce in an sharɗanta haka a cikin ciniki, an koma gidan jiya, farashi biyu ba a tsaya a ɗaya ba, tarar ce aka juya wa riga. Wani ya ce to idan wa'adi ya cika sai a sake ciniki, a ce yanzu na sayar maka da bashin a kan buhu ɗaya da kwano biyar zuwa bayan Sallah. Malam ya ce wannan juya bashi ne zuwa wani bashin da ya fi shi, kuma malaman Malikiyya sun toshe wannan ƙofa da ƙusa, babi guda suka ware wa irin waɗannan cinikayya na ajali saboda sun san halin 'yan kasuwa. Ya ce duk dabarar da za ku kawo, ku duba ƙarshenta: in mutum zai biya fiye da abin da aka sallama masa don kawai ya makara, sunanta ɗaya.

Ticha ya ce amma ya ji bankunan Musulunci, irin waɗanda suka fara aiki a ƙasar nan tun daga Jaiz a 2012, sukan sa tarar jinkiri. Malam ya ce akwai malaman zamani da suka yarda a sharɗanta wa mai saye cewa in ya yi jinkiri da gangan zai fitar da wani abu sadaka, kuma sun jingina da maganar wasu malaman Malikiyya a kan wanda ya ɗora wa kansa alkawarin kyauta. Amma kuɗin ba ya shiga ribar mai bin bashi, ga mabuƙata yake tafiya, kuma akwai malaman da ba su yarda da shi ba ma sam. Amfaninsa tsoratarwa ce kawai. Ladaninmu, wanda tun ɗazu yake gyangyaɗi, ya buɗe ido ya ce ai lasifikar masallaci ta daɗe tana shaƙewa. Mai shago ya ce shi tarar da ba za ta shiga aljihunsa ba, wahalar karɓarta ma ta ishe shi.

To in babu tara, me ya rage mana? Da aka natsu sai muka ga ashe abin da iyayenmu suke yi tun da can ya fi tarar aiki. Na farko dai a san wa ake ba. Mai shago da kansa ya ce kuskurensa ba a farashi yake ba, a girman kayan yake: mutumin da shafinsa bai taɓa wuce 8,000 ba, rana ɗaya ya ɗora masa 65,000 saboda an ce suna ne, ya ji kunyar hanawa. Dilolin Singa da na Kantin Kwari da suke sakin kaya na miliyoyi ga 'yan sari daga Maraɗi da Damagaram da Garwa ba da tara suke tsare dukiyarsu ba. Da kaɗan suke fara gwada mutum, ya dawo da kuɗi a ƙara masa, kuma sai wani sananne ya tsaya masa. Ranar da ya saɓa, ba a ƙara masa ko naira, rufe masa ƙofa ake yi, labari kuma ya zaga layi kafin la'asar. Ɗan kasuwa ya fi tsoron a ce "ba a ba shi" fiye da kowace tara.

Sai jingina, wadda muke gudu kamar abin kunya alhali Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sayi abinci bashi a wurin wani Bayahude ya jinginar da sulkensa. Keken ɗinki, janareta, takardar fili, ɗan kunnen gwal. Malam ya ja kunne a kan abu ɗaya: jingina ba ta zama taka don wa'adi ya wuce. Sayar da ita ake yi da sanin mai ita ko da izinin alƙali, ka ɗauki haƙƙinka, ka mayar masa da ragowar. Mun san gidajen da aka cinye firji na 200,000 a kan bashin 40,000, ana cewa ai shi ya saɓa.

Kuma akwai bambanci tsakanin wanda ba shi da shi da mai taurin bashi. Na farko Alƙur'ani ya ce a jira shi har ya samu. Na biyu, wanda yake da hali yana ja, hadisi ya kira abin da yake yi zalunci, kuma ana iya kai shi gaban mai unguwa, ko Hisba, ko kotu. Gane su ba wuya. Wanda ba shi da shi yakan zo da ƙafarsa kafin ranar, ya kawo 5,000 ya ce a rage, ya kuma ci gaba da sayen ɗan abin da zai iya da kuɗi hannu a shagonka. Mai taurin bashi kuwa shi ne za ka ga yaronsa ya wuce ka da leda daga shagon gaba, domin in yana da kuɗi can yake kai su, in babu ya tuno ka. Shi ne kuma mai "na tura, duba wayarka, matsalar sabis ce."

Da na shiga gida na ba uwargida labari, dariya ta yi ta ce ku maza kun cika son wahala. Ta ce ku dubi Hajiya dillaliya ta bayan layi. Turmin da take sayarwa 18,000 hannu da hannu, in biya uku ne 21,000, dubu bakwai-bakwai, kuma ranar biyanki tana ɗaure ta da ranar kwasar adashinki, wadda ta fi ki saninta, don ita ce uwar adashin. Ba ta da tara. In kika saɓa, da hantsi za ta yi sallama, ta shimfiɗa mayafi a tsakar gida, ta tambayi lafiyar kowa har da kaji. Za ta ci abincin rana, ta yi azahar, ta yi la'asar, in kishiya ta leƙo ta ce mata, "A'a, ba komai, 'yar wata magana ce tsakanina da 'yar'uwarki." Uwargida ta ce ba a taɓa kai wa magariba ba.

Shi kuwa mutumin namu, washegari Malam da Baba suka same shi a zaure bayan sallar asuba. Ashe albashin ne aka riƙe musu wata biyu saboda tantance ma'aikata, kunya ta hana shi zuwa ya faɗa, ya zaɓi zagaye ta bayan makarantar allo. Baba ya ce masa, "Ɗana, da ka zo ka faɗa tun Janairu, da yanzu ba a san da maganar a benci ba." Aka raba masa kuɗin gida uku, 25,000 da 20,000 da 20,000, aka sa ranaku, aka rubuta a takarda biyu, kowa ya riƙe ɗaya, Ticha ya sa hannu a matsayin shaida. Aka kuma rufe shafinsa har sai ya gama, sai dai abin da ya saya da kuɗinsa.

Ya cika alkawari, na ƙarshen ma ya riga ranar da kwana huɗu. Da ya kawo, ya ɗora naira 3,000 a sama ya ce a sha ruwa, ya san an cutu. Mai shago ya riƙe kuɗin a hannu bai sa a aljihu ba, ya aika yaro ya kira Malam. Malam ya tambaya ko an sharɗanta, ko an yi masa ishara, ko don ita aka ɗaga masa ƙafa. Aka ce ko ɗaya. Ya ce to kyautatawa ce wajen biya, karɓi abinka. Mai shago ya ƙirga sau biyu, ya ce har yanzu dai da saura 4,000 kafin buhu ya koma gurbinsa, kuma wannan ma a farashin azumi.

Yanzu ya rage wa'adin babban kaya zuwa mako biyu, ya ce a wannan zamani wata guda shekara ce. Ya sayi ƙaramin littafi na biyu, duk wanda ya ɗauki abin da ya haura 20,000 sai ya sa hannu ko ya dangwala. Bayan Sallah kuma ya kira mai fenti ya sabunta rubutun ƙofa, jan ya fito raɗau, har daga bakin titi ana karantawa. Na tsaya ina yaba aikin, na tambayi mai fentin nawa aka biya shi. Ya goge hannu da tsumma ya ce Alhaji ya ce ya dawo ƙarshen wata.